Wasiƙa Zuwa Ga Mai Gida Kan Rabon Kuɗin Wuta

Kurnar Asabe, Kano
12 ga Fabrairu, 2025

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Allah ya ƙara girma.

Maganar kuɗin wuta ce ta sa na rubuto. Mu huɗu ke kan mita ɗaya, kuma tun shigowata raba kuɗin kati muke yi daidai wa daida. A watan jiya mun saka katin KEDCO na naira 18,000, ya ba mu yunit 300, kowa ya kawo 4,500. Ranar Alhamis da mitar ta fara kuka, har cacar baki aka yi a zaure tsakanin Maman Ummi da tela, kowa na cewa ɗan'uwansa ke shanye wutar. Abin bai yi mini daɗi ba. Na ga gara a kawo lissafi gabanka tun ba a kai ga ɓacin zumunci ba.

Da izinin kowa na shiga ɗaki-ɗaki na karanta abin da aka rubuta a bayan kowane kaya. Lissafin ba shi da wuya: ƙarfin kaya a wat, sau awannin da yake aiki a rana, sau kwana 30, a raba da 1,000, shi ne yunit ɗin wata. Na ɗora shi a kan awa goma, wadda ita ce kimanin wutar da muke samu kullum.

Bari in fara da kaina. Ƙwan fitila uku masu wat 10, fanka mai wat 70 da talabijin suna cin yunit 34. Akwai dutsen guga mai wat 1,000 da nake gogar kayan makaranta da shi, rabin awa sau biyu a mako, yunit 4 ke nan. Nawa ya kama 38.

Firizar Maman Ummi wat 200 ce. Da yake ƙanƙara da zoɓo take yi, kuma kafin kaya su daskare an ɗauke wuta, injin ba ya samun hutu, saboda haka na ba ta awa goman cif, yunit 60. Da fanka da fitilu da talabijin, 90.

Inda na sha mamaki shi ne shagon tela. Duk gidan nan firiza muke harara saboda girmanta, ashe dutsen gugar nan da bai fi tafin hannu biyu ba, awa biyu kawai a rana, ya kamo ta, shi ma 60. Duk abin da aikinsa zafi ne haka yake zuƙar wuta. Injin keken ɗinki mai wat 250, awa huɗu, ya ci 30, fanka da fitilu 20. Jimla 110. Ɗaliban ɗakin baya kuwa rishonsu na lantarki wat 1,500 ne, awa ɗaya a rana, 45 ke nan, da sauran tarkace 62.

Idan aka tara, 300 ne, daidai da abin da muka saya. Yunit ɗaya ya tsaya a naira 60. A kan haka nake ba da shawarar tela ya riƙa biyan 6,600, Maman Ummi 5,400, ɗalibai 3,720, ni kuma 2,280. In kuɗin kati ya hau ko ya sauka, sai a bi wannan kason.

Na san za a ce mai lissafi ya zaɓar wa kansa ƙaramin kaso. Shi ya sa nake roƙon ka turo mai gyaran wutarka ya sake dubawa, duk abin da ya samu a ɗakina na yarda. Fitilar zaure da ta banɗaki ma a ɗora mini su, ba su taka kara sun karya ba.

Lissafin kuma ba zai dawwama haka ba. Azumi ya ƙarato, zafi na tafe, firiza da fankoki za su ƙara ci, tela kuma zai shiga ɗinkin Sallah dare da rana. In hunturu ya dawo, hitar ruwa ce za ta fito. Ina ganin a sake zama duk bayan wata uku, kuma wanda ya sayo sabon kaya ya faɗa kafin ya jona. Da za ka amince a sa wa shagon da ɗakin firiza ƙaramar mita kowanne, a rage kuɗin a hankali daga haya, da an huta da ƙiyasi gaba ɗaya.

Maman Ummi da ɗaliban sun ga takardar sun yarda. Tela ya ce daga bakinka yake so ya ji. In da hali, muna roƙon ka leƙo ranar Juma'a bayan la'asar, domin yunit ɗin da ya rage a mita ba zai kai Litinin ba.

Na gode. Allah ya ja zamaninka.

Ɗan hayarka,
Malam Kabiru, ɗakin bakin zaure