Gado na 11

Ƙarfe 8 saura kwata Rukayya ta tura ƙofar ɗakin masu ciwon hanta, farar rigarta ta sha guga har tana ɗaukar ido. Wari ne ya fara tarbarta, wani irin wari mai zaƙi-zaƙi kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. A aji an gaya musu cewa numfashin wanda hantarsa ta gaza yana da irin nasa warin, ta kuma rubuta a littafi, amma sai yau hancinta ya shaida. Gadaje 24, babu ko ɗaya da ba kowa a kai. Duk inda ta waiga idanu ne rawaya fatau suke kallonta, ga cikkuna tirtsa-tirtsa a kan ƙafafu sirara.

Sista Talatu ba ta ɗago kai daga fayil ba.

"Ke ce ɗalibar? An yi miki rigakafin ciwon hanta na B?"

"An yi min, Sista. Duka ukun."

"To madalla. Duk da haka kar in ga hannunki ba safa. Mu biyu ne nas a daren nan, ke ce ta ukunmu. Gado na 4, na 7, na 11 da na 12 naki ne. Awon jini, bugun zuciya, zafin jiki, duk bayan awa 2. Abin da suka sha ki rubuta, abin da suka fitar ki rubuta. Bayan gida ma ki duba da idonki kafin a zubar."

Rukayya ta ce to, amma ranta bai so ba. Shekara 2 tana haddar sunayen jijiyoyi da magunguna, ashe ƙirgar fo za a ba ta.

Mai gado na 4, Malam Isiyaku, tsohon malamin lissafi ne. Da rana barci yake yi, da dare ya farka, kuma matarsa ta ce tun kwana 3 da suka wuce ya fara kiranta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Sista ta ja Rukayya zuwa bakin gadon.

"Malam, miƙo hannuwanka gaba, ka ɗaga tafin kamar mai tsayar da mota."

Ya miƙa. Bayan ɗan lokaci tafukan suka fara faɗuwa suna tashi, kamar fiffiken tsuntsun da ya jiƙe. Sista ta ba shi biro da takarda, ta zana tauraro mai tsini 5, ta ce ya kwaikwaya. Mutumin da ya shekara da shekaru yana zana kusurwoyi a allo ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ja wasu layuka da suka ƙi haɗuwa, ya ajiye biron yana huci.

"Gubar da hanta ta kasa tacewa ce ta hau kansa," in ji Sista a hankali. "Daga hanji take tasowa. Shi ya sa muke ba shi laktulos, ya riƙa fita sau 2 ko 3 a rana. Idan ya fita, kai ya washe. Kuma ko zai tashi ɗakin nan da ihu, ba a ba shi maganin barci, sai ya zarce. Yanzu kin gane amfanin fo?"

Rukayya ta sunkuyar da kai. Sista ta rubuta lokaci a jikin takardar ta sa a fayil.

Daga nan dare ya kankama. Mai gado na 7 ana janye masa ruwan ciki ta roba, jaka na cika ana juyewa ana aunawa, ana ƙara masa albumin ta jijiya don kada jininsa ya faɗi. Mai gado na 12 ƙaiƙayi ya hana shi sakat, ya soshe ƙafafunsa har sun yi jini, ita ta yanke masa farce ta shafa masa mai. An kawo sabon mara lafiya daga sashen gaggawa, ba wurin kwantar da shi, aka yi ta kai da komo a waya. Shi kuwa Malam Isiyaku ya ce lallai sai ya tafi aji, yara na jiransa, ya zare robar ƙarin ruwa daga hannunsa. Wurin allurar da ga mai lafiya minti 1 ya isa ya tsaya, sai da Rukayya ta danne shi da auduga fiye da minti 10, domin hanta ce ke haɗa abubuwan da ke daskarar da jini, tasa kuwa ta ajiye aiki.

A cikin wannan hayaniya, mutum ɗaya ne bai nemi komai ba. Baba Haladu, mai gado na 11, dattijo ne mai kunya, ya ja bargo har wuya. Duk zuwan da ta yi sai ya ce, "Sannu 'yata, Allah ya yi miki albarka," ya miƙo hannu tun kafin ta tambaya. Ƙarfe 10 bugun zuciyarsa 88 ne, awon jini 112/70. Ƙarfe 12 bugun ya kai 104, awon jini 108/68.

Ta tsaya da biro a hannu. 104 ya ɗan yi yawa, amma awon jinin lafiya lau. Ta hango Sista a can ƙarshen ɗaki, waya a kunne, hannu ɗaya riƙe da Malam Isiyaku. Wa zai je ya tsayar da ita a kan lamba ɗaya, a daren farko, a ce ɗalibar nan ta cika zaƙewa? Wataƙila ma hayaniyar ce ta tayar masa da hankali.

"Baba, akwai inda ke maka ciwo?"

"Babu, 'yata. Ƙishirwa ce kawai."

Ta rubuta 104 da kyakkyawan rubutunta, ta wuce.

Ƙarfe 2 saura, ɗakin ya ɗan lafa, ba ka jin komai sai ƙarar fanka da minshari. Ta zo wucewa ta ji an ce, "'Yata." Muryar can ƙasa. Ta haska tocila. Goshinsa ya yi tsatstsafar gumi, leɓensa ya yi fari. Bai iya kallonta ba, da ido ya nuna ƙarƙashin gado.

"Ki yi haƙuri. Na so in jira ɗana ya zo da safe, bai kamata ke ki ɗauka ba."

Ta sa safa ta janyo fo ɗin ta buɗe. Baƙi ƙirin ne kamar kwalta, yana yauƙi, warinsa kuwa ya bambanta da duk wanda ta shaƙa tun farkon dare. Gabanta ya faɗi. Wannan ma ta rubuta shi a littafi: jini ne da ya bi ta hanji ya narke.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun jiya da la'asar. Wannan ne na uku."

Ta kama wuyan hannunsa. Sanyi ƙalau, bugun siriri yana gudu, ta ƙirga ta sake ƙirgawa: 126. Ba ta san sa'ad da ta ɗaga murya ba.

"Sista! Gado na 11!"

Sista Talatu ta leƙa fo ɗin sau ɗaya, ba ta tambayi komai ba. Ta ce wa ɗayar nas ɗin ta kira likita, ta ce Rukayya ta ja labule ta juya shi a kan gefensa na hagu. Juya shi ke nan ya yunƙura, jini ya ɓalle ta bakinsa, ja wur da gudaji, ya cika tasa ya fantsama a gaban farar rigar. Ƙafafunta suka ɗauki rawa. Wani ɓangare na zuciyarta na cewa ta ruga waje.

"Kalle ni," in ji Sista, tana neman jijiya a hannunsa. "Aikinki ɗaya ne. Riƙe kansa a karkace kada ya shaƙe, duk minti 5 ki faɗa min lamba da ƙarfi. Kin ji?"

"Na ji. 88 bisa 54."

Likita ya shigo da gudu, idonsa ja don rashin barci. Allurar ƙarin ruwa manya guda 2, hannu da hannu. Iskar oksijin. Aka ɗebi jini don gwajin dacewa, aka aika a karɓo leda 2. Aka ɗura maganin da ke rage matsin jini a jijiyoyin ciki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Likita yana aiki yana magana, ba ta san ko da ita yake ko da kansa ba: hanta ta taurare, jinin da ya kamata ya ratsa ta ya rasa hanya, ya koma ya kumbura jijiyoyin maƙogwaro, ɗaya ta fashe. Rukayya tana jinsa sama-sama. Ita dai kan Baba Haladu na tafin hannunta, tana goge masa baki, tana faɗin lambobi. 84. 86. 92. Can ya buɗe ido ya dubi rigarta.

"Na ɓata miki kaya."

"Ba komai, Baba. Wankuwa zai yi."

Ƙarfe 4 da minti 20 aka tura gadonsa zuwa ɗakin da za a zura masa na'urar leƙa ciki a ɗaure jijiyar da roba. Ledar jini ta biyu na lilo a kan ƙarfe har suka sha kwana.

Bayan an goge ƙasa, Sista ta ɗauko katin awonsa ta tsaya a ƙarƙashin fitila. Ta ɗora yatsa a kan layin ƙarfe 12.

"Wannan rubutunki ne?"

"Nawa ne."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Na ga aiki ya yi miki yawa. Kuma awon jinin bai sauka ba."

"Shi ne yake sauka a ƙarshe. Zuciya ke fara gudu tana rufa asiri, sai ta gaji sannan ya faɗi. Daga 88 zuwa 104 a awa 2, mutum yana kwance, yana kukan ƙishirwa." Ta ajiye katin. "Gara ki kira ni sau 10 a banza in yi miki tsawa. Ni ma da laifina, ban zagayo na duba katin ba. Je ki ɗauki riga a kabad ɗina, awon ƙarfe 4 ya wuce lokaci."

Rukayya ta shiga banɗaki ta kulle, ta yi kukanta na minti 2, ta wanke fuska. Rigar Sista ta yi mata yawa, sai da ta naɗe hannuwan.

Gari ya fara wayewa lokacin da ta iso gado na 4. Malam Isiyaku na zaune, ya fita sau 2 cikin dare, ta duba ta rubuta duka. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Yarinya, wannan rigar ai ba taki ba ce. Ina maƙwabcina na can?"

"An kai shi a tsayar masa da jini, Malam. Ba su dawo ba tukuna."

Ya jinjina kai. Ta ba shi biro da sabuwar takarda. Ya riƙe da kyau, ya ja layi na farko, na biyu, na uku. Tauraron ya karkace, tsini ɗaya ya fi sauran tsawo, amma layukan sun haɗu. Ya nisanta takardar daga idonsa ya yamutsa fuska.

"Da ɗalibina ne, 4 bisa 10 zan ba shi."

Ta rubuta 6:10 a ƙasan takardar, ta sa ta a fayil kusa da ta daren jiya. Wayar teburin Sista ta fara ƙara, Rukayya ta tsaya cak da fayil ɗin a hannu, tana kallon fuskar Sista sa'ad da ta ɗaga.