Fursunonin Kogo: Sharhin Misalin Aflatun Mataki-Mataki

Misalin da za mu bi yau yana farkon kashi na 7 na littafin Aflatun da ake kira Jamhuriya, wanda ya rubuta a birnin Atina na ƙasar Girka wajen shekara 375 kafin haihuwar Annabi Isa. Aflatun ba ya magana da bakinsa a ciki. Malaminsa Sukurat yake sa wa maganar a baki, mai sauraro kuma Gulokon ne, ɗan'uwan Aflatun ɗin uwa ɗaya uba ɗaya. Tun jimlar farko Sukurat ya faɗi abin da misalin yake nufi: a kwatanta halin ɗan Adam idan ya sami tarbiyya da ilimi, da halinsa idan ya rasa su. Duk fassarar da ta manta da wannan jimla ta kauce hanya.

Mu fara da kogon kansa. Wasu mutane ne a ƙarƙashin ƙasa, tun suna yara aka ɗaure musu ƙafa da wuya, ba su iya ko waiwaye, sai kallon bangon da ke gabansu. Can bayansu, daga sama, wuta na ci. Tsakanin wutar da su akwai wata hanya da aka yi wa gajeriyar katanga, irin labulen da masu wasan 'yartsana suke ɓuya a bayansa. Wasu mutane suna wucewa ta bayan katangar ɗauke da gumakan mutane da na dabbobi, na dutse da na itace, wasu na magana, wasu shiru. Inuwar kayan nan ce ke faɗawa kan bango, amsa-kuwwar muryoyin kuma daga bangon take dawowa, don haka fursunonin sun ɗauka inuwar ce ke magana. Wanda ya taɓa kallon majigi a fili da dare ya san yanayin: haske daga baya, hoto a gaba, kowa ya manta da na'urar.

Da Gulokon ya ji haka sai ya ce wannan baƙon hoto ne, fursunonin ma baƙi ne. Sukurat ya amsa masa cewa kamarmu suke. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin yawancin masu karanta misalin nan suna tsallake wannan amsa. Kowa da ya karanta sai ya ɗauki kansa wanda ya kuɓuta, ya mai da maƙwabcinsa fursuna. Ɗan boko ya ce mutanen ƙauye ake nufi, ɗan wannan jam'iyya ya ce magoya bayan waccan ne. Sukurat kuwa har da kansa ya haɗa.

A lura da wani abu kuma. Fursunan ba ya ganin ko jikinsa, ba ya ganin na kusa da shi, inuwarsu kawai yake gani. Jahilcin da ake magana a kai ya haɗa da rashin sanin kai. Kuma inuwar da yake kallo ba ta ainihin doki ba ce, inuwar gunkin doki ce, wato kwaikwayon kwaikwayo. Haka yawancin abin da muke riƙe da shi game da adalci ko jarunta ko mutunci yake: mun ji daga wanda ya ji daga wani. Su wane ne masu ɗauke da gumakan? Aflatun bai faɗa ba. Masu sharhi da dama suna ganin mawaƙa ne da 'yan siyasa da malaman fasahar zance waɗanda ke karɓar kuɗi su koya wa samarin Atina yadda ake cin muhawara. Ni ma na fi karkata ga haka, tare da cewa su ma masu gumakan cikin kogon suke. Ba su ga rana ba.

Mataki na biyu shi ne kwance ɗaya daga cikin fursunonin. Kalmar da ta fi yawa a wannan wuri ita ce tilas. An tilasta masa ya miƙe, ya juya wuya, ya taka, ya dubi wutar. Duk wannan da ciwo yake yinsa. Aka nuna masa gumakan aka ce ya faɗi sunansu, ya rasa ta cewa, har yana ganin inuwar da ya saba da ita ta fi su zama gaskiya. Da za a ƙyale shi, komawa zai yi ya zauna.

Wannan tambaya da ke sa mutum ya ruɗe ita ce sana'ar Sukurat a kasuwar Atina. Zai tare wanda ake ganin ya san jarunta ya ce ya faɗa masa mece ce jarunta, kafin a tashi mutumin ya kasa. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san fuskar ɗalibin da abin da ya haddace ya ƙi amsa tambayar da aka yi masa. Ɗalibin yana ganin ya ci baya. A lissafin Aflatun, a ranar ya fara karatu.

Na uku, hawa. Ana jansa da ƙarfi ta wata hanya mai tudu da gargada har bakin kogo, yana fushi. Da ya fito, haske ya cika masa ido, bai ga komai ba. Sai a hankali: da farko inuwa yake iya kallo, sannan hoton mutane da abubuwa a cikin ruwa, sannan abubuwan da kansu. Daga nan ya ɗaga kai da dare ya ga taurari da wata. Rana ce ta ƙarshe. Da ya gan ta sai ya gane ita ke kawo damina da rani da juyawar shekaru, kuma ta wata fuska ita ce sanadin duk abin da suke gani a kogo.

Wannan jeri ba ado ba ne. A ƙarshen kashi na 6 Aflatun ya riga ya raba sani gida 4: zato daga hoto, yarda da abin da ido ya gani, tunani irin na masu lissafi, da fahimtar asalin abu. Biyun farko na cikin kogo ne, biyun ƙarshe na waje. Ɗauki da'ira. Wadda ka zana a ƙasa da tsinke ba ta taɓa cika daidai, amma hujjar da mai lissafi zai kawo a kanta ba ta dogara da zanenka ba, tana magana ne kan da'irar da hankali kaɗai ke kamawa. Irin waɗannan Aflatun yake kira siffofi na asali, kuma yana ganin adalci da kyau ma suna da nasu. Rana ita ce siffar Alheri, wadda saboda ita sauran suke samuwa kuma suke sanuwa. Abin sha'awa, Sukurat da kansa ya ce wannan fatansa ne kawai, Allah ne ya san ko gaskiya ne.

Daga baya a kashi na 7 ya shimfiɗa manhajar hawan: lissafi, ilimin awon fili, na awon abu mai kauri, na taurari, na sautin kiɗa, sannan muhawarar neman gaskiya daga shekara 30 zuwa 35. Bai yarda a ba samari muhawara ba, wai kamar 'yan kwikwiyo suke, sai su yi ta yagar mutane da ita don wasa.

Wanda ya fito, idan ya tuna gida, tausayi yake ji. A kogo har da kyaututtuka da girmamawa ga wanda ya fi saurin gane inuwa, ya tuna wacce ke zuwa kafin wacce, ya yi hasashen mai zuwa. Ma'ana kogon yana da masanansa da gasarsa da zakarunsa. Mutum na iya zama na ɗaya a aji alhali inuwa ya ƙware a kai. Wanda ya ga rana ya gwammace ya zama ɗan ƙwadago a gonar matalauci da ya koma neman wannan girma.

Daga nan Aflatun ya fitar da ma'anar ilimi a wurinsa. Wasu suna cewa suna zuba sani a ran da ba shi da shi, kamar mai sa gani a idon makaho. Ya ce ba haka ba ne. Gani yana nan a kowa, fuskar ce ta kalli inda bai dace ba. Kuma kamar yadda fursuna ba zai juya ido ba sai ya juya jiki duka, haka ran mutum sai ya juya gaba ɗaya, da abin da yake so da abin da yake tsoro. Hujjarsa mai ƙarfi ce: dubi mugu mai wayo, ganinsa kaifi gare shi, babu abin da ke wuce shi a inda ya sa gaba. Ba basira ya rasa ba. Iya kaifin idonsa, iya ɓarnarsa.

Mataki na ƙarshe shi ne komawa. Ya sauka ya zauna a mazauninsa na dā, duhu ya rufe masa ido, aka ce ya shiga gasar inuwa ya kasa. Suka yi masa dariya, suka ce hawan ya lalata masa ido, bai kamata kowa ya gwada ba. Wanda kuma ya yi yunƙurin kwance su, da za su kama shi da sun kashe shi. Duk mutumin Atina da ya karanta wannan ya san inda aka dosa, domin a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa kotun birnin ta yanke wa Sukurat hukuncin shan guba bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da rashin girmama allolin gari.

Aflatun ya ce ido na ruɗewa ta hanya biyu, daga haske zuwa duhu ko daga duhu zuwa haske, don haka kafin ka yi wa mai lalube dariya ka bincika daga ina ya fito. Sannan ya hana masanin zama a sama. Gulokon ya ce ai wannan zalunci ne. Sukurat ya ce doka ba don jin daɗin wani rukuni aka yi ta ba, don gari duka ce, kuma garin da ya ɗauki nauyin karatunka yana binka bashi. A tsarinsa shekara 15 za su yi a ƙasa suna riƙe muƙamai da aikin soja, sai sun kai 50 su karɓi mulki bi da bi, ba don suna so ba.

A nan ne nake da ja. Idan masani ne kaɗai ya ga rana, wa zai tantance cewa ya gan ta? Mai gaskiya da maƙaryaci duk abu ɗaya za su faɗa wa fursunoni: ku ba ku gani, ni na gani. Masu mulkin danniya da yawa sun yi amfani da wannan magana, kuma Aflatun ya san irinsu, domin Kiritiyas, jagoran azzalumai 30 da suka danne Atina a shekara ta 404 kafin haihuwar Annabi Isa, danginsa ne, ya kuma taɓa zama da Sukurat. Alamar da misalin ya bayar guda biyu ce: mai gaskiya ba ya kwaɗayin kujera, kuma aikinsa kwance mutane ne su je su gani da idonsu. Ta farkon ana iya yin ƙaryarta. Ta biyun ta fi wuyar kwaikwayo, sai dai a tsarin birnin da Aflatun ya zana, 'yan kaɗan ne ake kai wa bakin kogon, manoma da maƙera da 'yan kasuwa kuwa suna nan inda aka bar su.