Yadda Za Ku Sa Dokoki, Shari'o'i da Gazet a Cikin Manazarta

Zuwa ga ɗaliban digiri na biyu na sashen nazarin zamantakewa da na kimiyyar siyasa, musamman waɗanda za su miƙa kundinsu a wannan zango.

Na karanta daftarin kundayen da kuka kawo, kuma matsala guda ce ke ta dawowa. Littattafai da muƙalu kuna jera su daidai, amma da an zo kan doka ko hukuncin kotu sai kowa ya kama gabansa. Wani ya rubuta "Gwamnatin Tarayya" a matsayin marubuci, wani ya liƙa adireshin intanet kawai, wani kuma ya kawo labarin jarida game da hukunci ya ce hukuncin ne ya karanta. Wannan takarda ita ce ƙa'idar da za mu bi.

Sashenmu yana bin tsarin APA, bugu na 7, kuma babi na 11 na littafin ne ya yi magana a kan wannan. Sai dai ku lura, APA ba ta ƙirƙiro tata hanya ba a nan, ta ari ta lauyoyin Amurka ce, wato Bluebook. Shi ya sa doka ba ta bin jerin marubuci, shekara, take, maɗaba'a da kuka saba. Idan kuma dokar ba ta Amurka ba ce, ku bi yadda kotunan ƙasar da ta yi ta suke ambatonta. Tsarin OSCOLA da za ku gani a littattafan lauyoyin Birtaniya da bayanin ƙasan shafi yake aiki, saboda haka ku ɗauki siffar ambaton daga gare shi in kuna so, amma kada ku kwaso mana bayanan ƙasan shafin.

Abin da ya bambanta doka da littafi shi ne doka tana canzawa alhali sunanta yana nan. Ana yi mata gyara, ana sake jera ta a sabon kundi, ana soke wani sashe. Mai karanta aikinku yana buƙatar sanin wace doka, wane sashe, kuma a wane hali take lokacin da kuke magana a kanta.

Mu fara da dokokin majalisa. Ana rubuta sunan dokar kamar yadda yake a hukumance, sai inda aka buga ta, sai shekara:

```
Civil Rights Act of 1964, Pub. L. No. 88-352, 78 Stat. 241 (1964).
Americans With Disabilities Act of 1990, 42 U.S.C. § 12101 et seq. (1990).
Equality Act 2010, c. 15.
```

A layi na farko, 88 na nufin majalisa ta 88, 352 lambar dokar ce a cikin waɗanda ta zartar, 78 juzu'i ne, 241 kuma shafin da ta fara. Layi na biyu yana nuna inda dokar take a kundin da aka jera dokoki bisa maudu'i. Idan bincikenku na tarihi ne, kuna magana a kan dokar kamar yadda aka zartar da ita, na farko ya dace da ku. Idan kuna magana a kan abin da ke aiki yanzu, na biyu.

Bari in tsaya a kan misali guda, domin uku daga cikinku suna rubutu a kan mallakar ƙasa, kuma dukansu sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta Nijeriya ta fito ne a matsayin dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1978. Da aka tattara dokokin tarayya a 1990 sai ta zama babi na 202, a tattarawar 2004 kuma ta koma babi na L5. Ɗaya daga cikinku ya rubuta ta da shekarar 2004 kaɗai, sannan a babi na biyu na kundinsa yana bayanin yadda ta sauya mallakar gonaki a shekarun 1980. Duk wanda bai san tarihin ba zai ɗauka ana danganta wa doka tasiri tun kafin a haife ta. Ga yadda nake so a rubuta ta:

```
Land Use Act 1978, Cap. L5, Laws of the Federation of Nigeria 2004.
```

Shekarar farko ta zartarwa ce, ta biyu ta kundin da kuka duba. A cikin rubutu kuwa ku sa sunan dokar da 1978, sannan lallai ku faɗi sashe. Sashe na 1 ne ya danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 22 ne ya wajabta neman amincewarsa kafin a sayar ko a jinginar. Wanda ya ce "dokar ta tanadi" bai faɗi sashe ba, ya bar wa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi. Doka da sashe ake nuna ta, ba da lambar shafi ba, domin shafi yana sauyawa daga bugu zuwa bugu, sashe kuwa yana nan.

Kundin tsarin mulki ya fi sauƙi. Idan gaba ɗayansa kuka ambata, faɗin sunansa a cikin jimla ya wadatar, ba sai ya shiga manazarta ba. Idan wani sashe ne, ku rubuta shi:

```
U.S. Const. amend. XIV, § 1.
Constitution of the Federal Republic of Nigeria 1999 (as amended), s. 315(5).
```

Ƙudiri kuma ba doka ba ne. In majalisa ba ta zartar ba ko ba a sa masa hannu ba, ku kira shi ƙudiri, da lambarsa da majalisar da yake gabanta.

Sai shari'o'in kotu. Sunan shari'a shi ne sunayen ɓangarorin biyu, sai juzu'i, sai taƙaitaccen sunan kundin rahoton, sai shafin farko, sai shekarar yanke hukunci:

```
Brown v. Board of Education, 347 U.S. 483 (1954).
Donoghue v Stevenson [1932] AC 562.
Savannah Bank v. Ajilo (1989) 1 NWLR (Pt. 97) 305.
```

Baka mai kusurwa da baka mai lanƙwasa ba ado ba ne, kada ku mayar da su iri ɗaya don manazarta ta yi kyan gani. A al'adar Birtaniya, mai kusurwa tana nufin sai da shekarar za a gano juzu'in a kan kantar littattafai, mai lanƙwasa kuma tana nufin akwai wata lamba da za ta kai ku ko ba shekarar. A rahoton NWLR, wato kundin shari'o'in Nijeriya na mako-mako wanda Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, lambar kashi, wato Pt., ita ce mabuɗi. Ku ba ma'aikacin ɗakin karatu 97, zai ɗauko muku. Ku bar ta, ku bar shi yana lalube. Tun 2001 kuma kotunan Ingila suka fara ba hukunci lambar da ba ta dogara da wani maɗaba'i ba, irin `[2017] UKSC 5`, wato hukunci na biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya a 2017. Idan shari'a tana da irin wannan lamba, ita ce a gaba, kuma da lambar sakin layi ake nuna wurin da aka ɗauko magana.

Akwai wani abin da ke rikita mutane a APA. Sunan shari'a a cikin rubutu da karkataccen rubutu ake yin sa, a manazarta kuma a miƙe, akasin yadda kuka saba da sunan littafi. Haka ƙa'idar take, ku bi ta. Idan kun ɗauko magana daga wani shafi, ku nuna shi a cikin rubutu. Misali, a shari'ar Brown, inda kotu ta ce makarantun da aka ware bisa launin fata ba za su taɓa zama daidai ba yana shafi na 495 ne, ko da yake shari'ar ta fara a 483.

Abu biyu nake so ku duba kafin ku jingina hujja da kowane hukunci. Na farko, maganar wa kuka ɗauko? A shari'ar Plessy da Ferguson ta 1896, kalaman da aka fi yawan kawowa na Mai shari'a Harlan ne, shi kuwa shi kaɗai ya saɓa wa sauran alƙalan. Wanda ya rubuta "kotu ta ce" a kan kalamansa ya juya tarihi, domin kotun goyon bayan wariya ta yi. Na biyu, hukuncin yana nan da ƙarfinsa? Hukuncin babbar kotu ana iya rushe shi a kotun ɗaukaka ƙara, na ɗaukaka ƙara kuma a Kotun Ƙoli. Babu laifi ku yi nazarin hukuncin da aka rushe, mu ba lauyoyi ba ne, sau da yawa ma shi ya fi nuna tunanin zamaninsa. Amma ku faɗa cewa an rushe shi.

Hukuncin da ba a buga a kowane rahoto ba, ku ba da sunayen ɓangarorin, lambar ƙara, sunan kotu da inda take zama, da cikakkiyar ranar yanke hukunci, ku kuma rubuta cewa ba a buga shi ba. Ku ajiye kwafin da kuka samo, mai jarrabawa na waje yana iya neman gani.

Gazet ita ce jaridar da gwamnati ke buga dokoki, ƙa'idojin ma'aikatu, naɗe-naɗe da sanarwar karɓe filaye a cikinta. Ta Landan tana fitowa tun 1665, Amurka tana da Federal Register, ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma suna da Journal officiel. Kuskuren da na fi gani shi ne a rubuta sunan gazet da shekara kawai. Gazet mazubi ce, abin da ke cikinta kuke ambato. Ku fara da sunan dokar ko sanarwar da lambarta, sannan gazet, da juzu'i ko lambar fitowa, da rana, da shafi:

```
Exec. Order No. 9066, 7 Fed. Reg. 1407 (Feb. 25, 1942).
Regulation (EU) 2016/679, OJ L 119, 4.5.2016, p. 1.
```

Ranaku a nan suna da tarko. Umarnin da ke layi na farko, wanda ya buɗe hanyar tsare Amurkawa 'yan asalin Japan, an sa masa hannu ranar 19 ga Fabrairu, aka buga shi ranar 25. Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai an amince da ita ranar 27 ga Afrilu 2016, an buga ta 4 ga Mayu 2016, amma ba a fara aiki da ita ba sai 25 ga Mayu 2018. A manazarta ranar bugawa ake sawa. A cikin nazarinku kuwa, idan kuna auna halin da ake ciki kafin doka da bayanta, ranar fara aiki ce iyakarku, kuma wanda ya ɗauki 2016 ya jefa bayanan shekara biyu a gefen da ba nasu ba. A gazet ɗin tarayyar Nijeriya ku kula da harafin da ke gaban lambar shafi: A na dokokin majalisa ne, B na ƙananan dokoki da ƙa'idoji. Kada ku yar da harafin.

Sunan doka a bar shi da harshen da aka yi ta, fassararku ta zo a cikin rubutu, ku kuma bayyana cewa taku ce. Adireshin intanet ƙari ne a ƙarshen ambato, ba ya maye gurbinsa, kuma na majalisa ko na kotu ko na ma'aikatar shari'a ya fi wanda wani ya ɗora a shafinsa. Masu amfani da Zotero su zaɓi nau'in `Case` ko `Statute`, sannan su duba abin da ya fito da idonsu, domin yakan rikita baka da waƙafi.

Idan dokoki da shari'o'in da kuka ambata ba su wuce goma ba, ku jera su cikin manazarta bisa haruffa tare da sauran. In sun wuce, sashe ya yarda ku ware musu kanu uku a ƙarshe: dokoki, shari'o'i, gazet. Kowa ya gyara nasa ya kawo mini shafukan manazarta kaɗai kafin Alhamis ta mako mai zuwa, tare da kwafin shafin farko na kowace doka ko hukunci da ya ambata.

Mai kula da karatun digiri na biyu