Takardar bita ta kimiyya, ajin tarminal C da D, Tahoua: ina daidaito zai karkata?

Tambayar da ke dawowa a jarrabawar bak kan wannan darasi kusan iri ɗaya ce. A ba ku reyaksiyon da ta kai ga daidaito, wato ekilibir, a taɓa abu guda, a ce ku faɗi inda za ta nufa da dalili. Ku tuna cewa a daidaito reyaksiyon ba ta tsaya ba. Tafiya dama da dawowa hagu ne ke gudana da sauri ɗaya, shi ya sa adadin kowane sinadari ba ya canzawa. Dokar da Henri Le Chatelier ya bayyana a 1884 ta ce in aka dagula daidaito, zai karkata zuwa ɓangaren da zai rage tasirin dagulawar. Ragewa yake yi, ba ya shafe ta gaba ɗaya.

In kun yi shakka, ku lissafa Q, wato rabon sinadaran dama bisa na hagu a wannan lokacin, ku gwada shi da K, wato ƙimar da Q ke kaiwa a daidaito. In Q bai kai K ba, a tafi dama. In ya wuce K, a koma hagu. Zafi kaɗai ke canza K, sauran abubuwan Q suke taɓawa.

Kauri

Kauri shi ne yawan mol a cikin lita ɗaya. Gwajin da ya fi nuna shi a fili shi ne Fe³⁺ + SCN⁻ ⇌ FeSCN²⁺, domin na daman ja ne kamar jini. A zuba ruwan da aka tace mililita 100 a kofin gilashi, a ƙara mililita 1 na FeCl₃ da mililita 1 na KSCN, kowanne mai kaurin 0,1 mol/L. A raba ruwan cikin tub huɗu, a ajiye na farko don kwatance. A na biyu a ɗiga FeCl₃, a na uku a ɗiga KSCN: dukansu za su ƙara ja, domin an ƙara na hagu, Q ya faɗi, daidaito ya tafi dama. A na huɗu a ɗiga NaOH. Zai kama Fe³⁺ ya mai da shi gurɓin Fe(OH)₃ mai launin tsatsa, jan ya kwashe, domin an janye na hagu. Inda gwajin ke lalacewa shi ne a haɗa ruwan ba tare da tsarma shi ba. Sai ya yi duhu kamar zobo mai kauri, ido ba ya iya ganin bambanci tsakanin tub ɗin.

Misalin estar ne zai fi zo muku da lissafi. Mol 1 na CH₃COOH da mol 1 na C₂H₅OH suna ba da mol 0,67 na estar a daidaito, K = 4. A mai da alkol ɗin mol 2, sai a rubuta x²/((1−x)(2−x)) = 4, wato 3x² − 12x + 8 = 0. Amsoshi biyu ne, 3,15 da 0,85. Na farkon ba ya yiwuwa tunda asid ɗin mol 1 ne kacal, saboda haka estar ta tashi zuwa mol 0,85. K bai motsa ba. Janye ruwan da ke samuwa yayin reyaksiyon ma dama yake tura ta.

Matsi

Matsi yana aiki ne kan gas. A ƙirga mol na gas a hagu, a ƙirga na dama, kada a saka daskararru da ruwa a lissafin. Ƙarin matsi ta hanyar rage girman mazubi yana kai daidaito ɓangaren da mol ɗin gas suka fi kaɗan. A N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃ hagu 4 ne, dama 2. A rage mazubi zuwa rabi, kowane kauri ya ninka biyu, sai Q ya zama K × 2²/(2 × 2³), wato kashi ɗaya cikin huɗu na K. Dama ke nan. A H₂ + I₂ ⇌ 2HI kuwa, in dukansu gas ne, 2 da 2 ne, a matsa yadda aka ga dama ba inda za ta je.

Akwai tarko a N₂O₄ ⇌ 2NO₂. NO₂ ruwan ƙasa ne, N₂O₄ ba shi da launi. In aka danna sirinjin da ke rufe da wannan gas, launin zai fara yin duhu nan take saboda an cushe shi a wuri kaɗan, sannan ya ɗan washe yayin da daidaito ke komawa hagu. Amma ba zai koma haskensa na farko ba. Ɗalibin da ya rubuta "gas zai fi da haske" ya faɗi daidai wajen karkata, ya kuskure wajen launi. Gas ɗin yana da guba, ba gwajin yi a aji rufe ba ne.

Tarko na biyu shi ne a ce an ƙara argon a mazubin da girmansa bai canza ba. Jimillar matsi ta hau, amma kaurin kowane gas yana nan, Q yana nan, babu karkata.

Zafi

A duba alamar ΔH. In ƙasa da sifili ne, tafiya dama tana fitar da zafi. In sama da sifili ne, tana shan zafi. Dumamawa kullum tana taimakon ɓangaren da ke shan zafi. N₂O₄ ⇌ 2NO₂ tana da ΔH = +57 kJ, don haka tub ɗin da aka tsoma a ruwan zafi yana yin duhu, wanda aka sa a ƙanƙara yana washewa.

Mu nan ba sai mun je nesa ba. Siminti irin na Malbaza daga ƙona dutsen farar ƙasa yake farawa: CaCO₃ ⇌ CaO + CO₂, ΔH = +178 kJ. Sai an kai wajen 900 °C kafin matsin CO₂ ya kamo na iskar waje. Biyu daga cikin ukun daskararru ne, saboda haka K matsin CO₂ ne kawai. Ƙara dutse ba ya motsa daidaiton ko kaɗan, kuma nan ne maki ke yawan zubewa. Abin da ke sa dutsen ya ƙone duka shi ne wuta da kuma iskar da ke kwashe CO₂ daga tanderu.

Kwalbar lemo da ta kwana a shago ba firji a watan Afrilu ta fi mai sanyi tumbatsa in an buɗe ta. Narkewar CO₂ cikin ruwa tana fitar da zafi, don haka zafin rani yana koro gas ɗin waje, buɗe marfi kuma ya rage matsi, abu biyu suka haɗu wuri ɗaya.

Amoniya tana da ΔH = −92 kJ, wato sanyi ne ke ƙara yawanta. To me ya sa masana'antu ke aiki wajen 450 °C da matsi kusan bar 200? Domin a sanyi reyaksiyon ba ta da sauri. Ana haƙura da rashin wani ɓangare na abin da za a samu don a samu sauri, a sa katalizo na ƙarfe, a sanyaya gas ɗin NH₃ ta zama ruwa a janye ta, a mayar da ragowar N₂ da H₂ ciki. Katalizo yana hanzarta tafiya da dawowa daidai wa daida, ba ya canza K. Haka ma dumama estar: reyaksiyon ɗin kusan ba ta sha ba ta fitar da zafi, shi ya sa wuta da ɗigon H₂SO₄ ke rage lokacin jira, amma mol 0,67 yana nan.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin a kaye: a 2SO₂ + O₂ ⇌ 2SO₃, duka gas, ΔH ƙasa da sifili. Ku faɗi inda za ta karkata in an ƙara O₂, in an ninka girman mazubi, in an dumama, da kuma in an sa V₂O₅. A kowane hali ku rubuta ko K ya canza, kuma a na biyun ku nuna lissafin Q.