Baba, Ga Yadda Za Ku Gane Ko Gmail Ɗinku Na Aiki

Baba, ganin saƙonni jere a cikin Gmail ba ya nuna tana da intanet. Tsofaffin saƙonni na zama a waya ko da data ta ƙare. Tunda kuna jiran takardar fansho, ku bi wannan a hankali, da tabarau.

1. Ku dubi can saman waya, kusa da alamar batir. Ana so ku ga 4G ko alamar Wi-Fi. In kun ga ɗan jirgin sama, ku jawo allon daga sama zuwa ƙasa, ku taɓa jirgin ya mutu.

2. Ku danna *323# ku kira, za a nuna muku sauran data. A nan ake yawan ruɗewa: akwai datar da ake sayarwa don WhatsApp da Facebook kaɗai. Sai hotunan jikoki su yi ta shigowa, ku ɗauka komai lafiya, alhali Gmail ba ta samun komai. Don haka kada WhatsApp ya zama shaidarku.

3. Ku buɗe Gmail, mai harafin M ɗin nan mai launi-launi. Ku ɗora yatsa a tsakiyar saƙonnin, ku ja ƙasa, ku saki. Wani ɗan zobe zai yi ta juyawa sannan ya ɓace. In aka rubuta No connection, babu intanet ke nan.

4. Wannan shi ne gwajin da na fi yarda da shi: ku aika wa kanku saƙo. Ku taɓa Compose a ƙasa ta hannun dama. A layin To ku rubuta adireshinku, wanda na rubuta muku a bangon littafin lambobi. A layin Subject ku sa "gwaji". Sai ku taɓa kibiyar da ke sama. Ku jira minti ɗaya, ku sake jan allon ƙasa. In "gwaji" ya fito a sama da lokacin da agogonku ke nunawa, shi ke nan, komai daidai. Takardar ce kawai ba a turo ba tukuna.

5. In bai fito ba, ku taɓa layuka uku da ke sama ta hagu, ku shiga Outbox. In saƙon na nan da kalmar Queued, bai tafi ba. Ku kashe wayar gaba ɗaya, ku kunna, ku sake gwadawa.

Ku leƙa Spam ma a wurin layuka ukun nan, wani lokaci saƙo mai muhimmanci na faɗawa can.

In Gmail ta nemi lambar sirri, ku tsaya nan. Don Allah kada ku ba mai cajin waya ko wani a kasuwa ya shigar muku. Ku kira ni bayan Magariba, mu yi tare.