Wasiƙa zuwa ga Yaya Sani, Unguwar Rogo, Jos

Bradford, 17 ga Nuwamba, 2024

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa lafiya. Ya jikin Inna? A ce mata ina cin abinci, ta daina damuwa. Sanyi kuwa, na Jos a watan Disamba wasa ne.

Ka yi mini maganar aikin Asabar da Lahadi, har ka ce ɗan maƙwabcinmu yana kai wa mutane abinci a babur yana samun alheri. Yaya, takardarsa daban, tawa daban. Bizar da na shigo Ingila da ita ta ma'aikatan lafiya ce, a ɗaure take da asibitin da ya ɗauko ni. An yarda in ƙara wani aiki, amma kada ya wuce awa 20 a mako, kada ya shiga lokacin aikina na asali, kuma ya zama jinya ko wata sana'ar da ke cikin jerin da gwamnati ta amince. Kai abinci ba ya ciki. Wani ma ya yi mini tayin wankin mota, kuɗi hannu da hannu, babu takarda babu haraji. Na yi masa godiya na wuce. In aka kama mutum, bizar ce za ta tafi, ga bashin da muka ci na tahowa ko rabi ba mu biya ba.

Abin da na samu shi ne wani gidan kula da tsofaffi da ke neman nas ranar Asabar. Kafin su ba ni ko awa ɗaya sai da na ciro musu lamba daga shafin gov.uk suka duba izinina. Awa 12 ne a tsaye, ana raba magani, ana juya waɗanda ba sa iya juyawa da kansu. A takardar albashin za ka ga an rubuta BR, wato ana cire kashi 20 cikin 100 na haraji tun daga fam na farko. Saboda haka kar a yi lissafi da kuɗin da ba su shigo hannu ba. Lahadi kam barci nake yi. Wanda ke riƙe da maganin mutane bai kamata ya shiga aiki yana gyangyaɗi ba.

Ga yadda na tsara. Fam 200 na kowane wata daga albashi za su fito, ko an kira ni Asabar ko ba a kira ba: maganin Inna, kuɗin makarantar Hauwa, sai masara in ka leƙa kasuwar Katako. Na Asabar kuma bashin Kawu za su tafi har sai ya ƙare. Ta manhajar da ke da rajista zan riƙa turowa asusunka kai tsaye, ba zan ba kowa saƙo ba.

Don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu, ka san dangi. In kuɗin sun shigo ka turo mini hoton shaidar banki.

Ƙaninka,
Auwalu