Tsaya, 'Yata, Karanta Wannan Kafin Ki Shiga Aji

Makon jarrabawar zango na uku, Litinin zuwa Juma'a. Daga ofishin ba da shawara zuwa ga dukan ɗalibai, daga 'yan aji ɗaya har yayyenku 'yan aji shida masu zana NECO.

IN GABANKI NA FAƊUWA

Ba ke kaɗai ba ce. Dubi ta kusa da ke a layi, wadda ta ɗaure fuska kamar ta haddace littafin duka: ita ma cikinta na kaɗawa.

Faɗuwar gaba ba alamar faɗuwa jarrabawa ba ce. Jiki ne ya ji an ce akwai aiki babba, ya ƙara wa zuciya gudu don jini ya isa ko'ina. Shi ya sa tafin hannu ke gumi, baki ya bushe, fitsari ya matsa alhali yanzu kika fito daga banɗaki. Lafiyarki ƙalau.

Ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu. Sake shi ta baki a hankali kina ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Yi haka sau biyar. In fitar numfashi ta fi shigarsa tsawo, zuciya na rage gudu da kanta. Ba wanda zai ma san kina yi.

Komai nisan dare, gari zai waye. Komai tsawon takarda, awa biyu ce a kaɗa ƙararrawa.

"WALLAHI MALAMA, KOMAI YA GUDU"

Wannan ita ce maganar da aka fi shigowa da ita ofishina, kuma amsata ɗaya ce: bai gudu ba, ɓuya ya yi.

Kin san ruwan rijiya idan an cika jefa guga, yakan gurɓace har ba a ganin ƙasansa. Ba ƙafewa ya yi ba. A bar shi ɗan lokaci, sai ya kwanta ya yi garau. Haka kanki yake idan tsoro ya dama shi. Abin da kika ji a aji tun farkon zango, da wanda kika rubuta da hannunki, da wanda kuka yi musu a kai ke da ƙawarki a ƙarƙashin darbejiya, duk suna nan.

In an ajiye miki takarda kin ga kamar da wani yare aka rubuta ta, ajiye biro. Rubuta sunanki da ajinki tukuna, wannan dai kin san amsarsa. Sannan karanta tambayoyin duka daga sama har ƙasa, ki sa ɗan ɗigo a gefen wadda ta fi yi miki sauƙi, ko da ita ce ta biyar. Fara da ita. Sau da yawa kina tsakiyar amsa ta, sai ki ji ta farkon da ta gagare ki ta faɗo miki da kanta.

Da yayyafi kogi kan cika. Maki biyu nan, uku can, shi ne jimla.

Tambaya ɗaya ta ƙi? Tsallake ta. Ba a zama bakin ƙofar da ke kulle alhali ga wasu a buɗe.

A lissafi, rubuta hanyar da kika bi ko da ba ki kai ƙarshe ba. Mai maki yana biyan hanya, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Kada ki bar fili fari.

DARE NA BARCI NE

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da bai shiga ba a wata uku, ba zai shiga tsakanin ƙarfe ɗaya da asuba da tocila a ƙarƙashin bargo ba.

Mai shekarunki na bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera abin da aka karanta da rana ta adana shi, don haka wadda ta kwanta ba ta bar karatu ba. Masu tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi, da masu tauna goro ko haɗiyar garin kofi don kada ido ya rufe, na san da ku. Ido zai buɗe kam, amma gobe ƙarfe tara hannu na rawa, kai ya yi nauyi kamar an ɗora masa turmi.

Wadda ta riga ki barci za ta riga ki tashi.

Ki karya kumallo ko da ba kya jin ci. Rabin kofin kunu da ƙosai biyu sun fi komai babu. Ciki da yunwa ba ya riƙe lissafi.

KE DA ƘAWARKI

Wata ta ɗaga hannu tana neman ƙarin takarda ke kuwa ba ki cika shafi biyu ba? Bar ta. Ba a auna amsa da mudu.

Wata ta miƙa tata ta fita tun da sauran rabin awa? Sauri ya haifi nawa. Lokacinki naki ne har sai an ce a ajiye biro.

In kun fito, kada ki tsaya a dandalin "me kika samu a lamba uku?" Takardar ta riga ta shiga ambulan, musu ba zai canja ko wasali ɗaya ba, sai dai ya ɓata miki shirin ta gaba. Je ki sha ruwa, ki wanke fuska.

In kin ga wata ta haɗa kai da gwiwa a bayan aji, zauna kusa da ita. Ba sai kin iya lallashi ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Satar amsa ba ta kwantar da hankali. Mai ɓoye 'yar takarda a hijabi tsoronta biyu ne: na tambaya da na mai tsaro. Ke ɗaya kawai gare ki, ya ishe ki.

ABIN RIƘEWA A ZUCI

Annabi Musa, da aka aike shi wurin Fir'auna, abin da ya fara roƙo shi ne a buɗe masa ƙirjinsa, a sauƙaƙe masa al'amarinsa, a warware ƙullin harshensa. Addu'ar na cikin Suratu Ɗaha, daga aya ta 25 zuwa ta 28. In ƙirjinki ya ƙuntata, ga ta nan gajeruwa.

A tare da tsanani akwai sauƙi. Sau biyu a jere aka faɗe shi a Suratus Sharhi.

'Yan'uwanmu Kirista, ku tuna Filibiyawa 4:6, inda aka ce kada a damu da komai, sai dai a kai roƙo gaban Allah da addu'a da godiya.

IN TSORON GIDA NE

Wasunku ba takardar ke hana su barci ba, fuskar Baba ce ranar karɓar sakamako, ko gorin 'yan uba. Wannan nauyi ne na gaske, ba zan ce miki ba komai ba ne. Amma ki tuna maki 40 na gwaje-gwaje da aikin gida sun riga sun shiga rajista, 60 kawai ake nema a makon nan. Darasin da ya ba ki wuya bana ana iya gyara shi baɗi. 'Yan aji shida, ko WAEC da NECO suna da zagaye na masu zaman kansu ga wadda take son cike wani darasi. Maki yana faɗin yadda kika amsa tambayoyin ranar Talata ne, bai san hankalinki ba, bai san kirkinki ba.

In kuka ya ƙi tsayawa, ko kin kwana biyu ba barci ba abinci, ko numfashi na sarƙe miki, kada ki rufe. Matambayi ba ya ɓata. Ofishina na nan jikin ɗakin karatu, ƙofa mai koren fenti, a buɗe daga ƙarfe bakwai da rabi na safe, da kuma bayan sallar azahar har ƙarfe huɗu. Da dare ki gaya wa uwar ɗakin kwananku, za ta kira ni. Abin da kika faɗa mini ba zai je ɗakin malamai ba. Akwai ruwan randa, akwai biro na aro ga wadda nata ya ƙafe.

Allah Ya ba da sa'a.

Malamarku mai ba da shawara